Kalma bakwai kacal aka ba ni don allon tallar sabuwar motar Legas zuwa Kano, ku taya ni

Sani_Shomolu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah taimako nake nema. Kun san ina aikin zane da buga fleks a Shomolu, to wani Alhaji ɗan garinmu ya sayo manyan motoci zai fara jigila daga Agege zuwa Kano, ya ba ni aikin allon talla. Sharaɗinsa guda ɗaya ne, wai kada rubutun ya wuce kalma bakwai. Abin da yake taƙama da shi kuwa lokaci ne, tafiyar da aka saba yi a awa 22 ko 24 shi yana cewa awa 17 ta ishe shi. Na kwana biyu ina ta rubutawa ina gogewa, ga guda uku da suka rage:
"Mun fi kowa gudu zuwa Kano"
"Legas zuwa Kano kamar walƙiya"
"Tafiya cikin sauri, aminci da kwanciyar hankali"
Wanne ya fi? Ko wani yana da wanda ya fi su? Ranar Alhamis zan kai masa.

Maman_Ummi_Agege: Wa alaikumus salam. Ni dai in na ga "mun fi kowa gudu" wallahi ba ni ba motar nan, ko kyauta ce. Da 'ya'ya uku nake tafiya gida. Walƙiyar ma a kai kasuwa.

DanBorno_Mile12: Hhhh walƙiya kuma? Sai ka ce za a kai mu lahira. Sani ka tausaya mana.

Auwal_AlabaRago: Nawa ne kuɗin mota zuwa Kano? Kuma suna ɗaukar kaya? Ina da buhu huɗu da nake so a kai min Dawanau.

Sani_Shomolu: Malam Auwal ni ba ɗan kamasho ba ne fa, allo kawai aka ce in yi. Ba su ma fara lodi ba tukuna.

Malam_Tukur: Sani kafin a yi maganar kalmomi ina so in ji abu guda. Ta ina awa biyar ɗin nan ko bakwai za su fito? Domin hanyar nan ta wuce kilomita 1,000, kuma babbar motar fasinja iyakarta kilomita 90 a awa a kan babban titi, tun 2017 'yan rod sefti suka fara tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Idan gudu ne sirrinsa to ka mayar masa da kuɗinsa tun yanzu. Idan kuma wani abu ne daban, to wannan abin shi ne tallarku, ba gudu ba.

Sani_Shomolu: Ranka ya daɗe na tambaye shi haka. Ya ce ba gudu ba ne. Na farko mota tana tashi a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba. Na biyu direba biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci a baya, ba za a faka a Mokwa a ce direba ya gaji ba. Sannan ba tsinto fasinja a hanya, ba lodin tumatur ko babur a ƙarƙashi, tsayawa uku ce kawai ta sallah da cin abinci da shan mai.

Malam_Tukur: Madalla. To ka ga duk ukun da ka rubuta sun yi wa Alhajin ƙarya, ba ma fasinja ba. Shi yana sayar da rashin ɓata lokaci, kai ka rubuta masa gudu. Na yi shekaru ina aikin talla a Ikeja kafin in yi ritaya, kuma abin da na gani shi ne mutumin da ke sayen tikitin Arewa ba ya tambayar gudun mota, tambayarsa biyu ce, yaushe za mu tashi, yaushe za mu isa. Na ukun naka kuwa, "sauri, aminci da kwanciyar hankali", ɗauke shi ka manna a allon banki ko na asibiti ko na mai sayar da katifa, zai zauna daram. Duk rubutun da zai zauna a allon kowa ba naka ba ne. Kuma ka lura ko sunan Kano babu a ciki, mutum zai wuce bai san ina motar take zuwa ba.

Direba_Garba: Maganar jiran cika gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Shekara 19 ina kan hanyar nan. Awa 24 ɗin da ake faɗa ba duka a kan titi ake cinye ta ba, a tasha ake fara cinye ta. Fasinja ya zo tun hantsi a ce masa saura mutum biyar, alhali waɗanda ya gani zaune a ciki rabinsu yaran tasha ne aka zaunar don mota ta yi kamar ta cika.

Maman_Ummi_Agege: Baba Garba ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Bara da babbar sallah ƙarfe 9 na safe muka shiga wata mota, ba zan kama suna ba, wallahi sai da aka kira magariba muna nan, ruwan da na sayo wa yara na hanya duk sun shanye a tasha, da na yi magana kwandastan ya ce in ina sauri in hau jirgin sama. Sai bayan isha muka bar Agege, muka shiga Kano washegari da daddare. Ni da za a rubuta min "Ba ma jiran mota ta cika" da na yi tsalle.

Hafsy_Obalende: Anti kin ba da amsar ai. Ba ma jiran mota ta cika, kalma shida. Sani ka ɗauka ka tafi.

DanBorno_Mile12: Ba wanda zai yarda. Kowace tasha haka suke cewa, yanzu za ta tashi, yanzu za ta tashi.

Kabiru_IdiAraba: Ni dai abin da na sani kalma bakwai ɗin nan doka ce ta LASAA, in ka wuce bakwai sai sun ci ka tara ko su yage allon. Shi ya sa Alhajin ya kafe.

Malam_Tukur: A'a Kabiru, ka haɗa abu biyu. LASAA gaskiya ita ke da iko da allunan da ke kan titunan jihar Legas tun 2006, ita ke ba da izinin inda za a kafa da girmansa, kuma tana cire wanda ba shi da rajista. Amma ba ta ƙirga maka kalmomi. Abin da aka rubuta a jiki kuma ARCON ce ke tantance shi kafin a fitar, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. A nan ne "mun fi kowa" zai ba Sani ciwon kai, domin in ka ce ka fi kowa za a ce ka kawo hujja. Kalma bakwai kuwa al'adar masu sana'ar ce, daga lissafin ido ta fito. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In ana iya karanta rubutunka daga nisan mita 125, daƙiƙa biyar ke nan gaba ɗaya, kuma ba duka biyar ɗin mutum zai ba ka ba, yana kallon titi, yana duba waya, tirela ta tare shi. Abin da zai iya haɗiyewa a kallo ɗaya shi ne wajen kalma shida ko bakwai.

Kabiru_IdiAraba: To na ji. Amma dai sun taɓa cire wa maƙocina allon shagonsa.

Malam_Tukur: Sai dai bai biya kuɗin izini ba, ba don yawan kalma ba.

Bashir_Berger: Ni ga nawa, kuma ban ga wanda zai doke shi ba: "Asuba a Agege, Isha a Kano". Kalma shida. Ba lamba, ba gudu, kowa ya san asuba kowa ya san isha. A tura min kuɗin shayi.

Hafsy_Obalende: Kai wannan ya yi daɗi a baki gaskiya. Na janye nawa.

Direba_Garba: Ya yi daɗi amma ƙarya ce Bashir. Yi lissafi. A idar da asuba a Agege a shiga mota a tashi, ka ce ƙarfe 6 ke nan. Isha a Kano wajen ƙarfe 8 na dare. Awa 14. Su kuma sun ce 17. Ƙarfe 6 ka ɗora 17 ya zama 11 na dare. Lokacin da ake kiran isha a Kano kai kana tsakanin Kaduna da Zariya, in ma an yi sa'a. Ranar farko fasinja zai ɗauki hoton agogo ya saka ku a duniya.

Bashir_Berger: Haba Baba Garba, ai lokacin isha bai fita ba ƙarfe 11.

Direba_Garba: Wannan fatawa ce, je ka yi wa fasinjan da matarsa ta ajiye masa tuwo tun ƙarfe 8.

DanBorno_Mile12: Hhhhh Baba ya gama da kai.

Malam_Tukur: Tsarin Bashir shi ne daidai, lokutan ne ba daidai ba. Abin da ya yi kyau a ciki shi ne ya ba mutum hoto biyu, ga ka a nan, ga ka a can, ya bar shi ya yi lissafin da kansa. Sani, ƙarfe nawa motar za ta riƙa tashi a zahiri? Kuma sun gwada hanyar ko a baki ne 17 ɗin?

Sani_Shomolu: Na kira manajan yanzu. Ya ce 4:30 na yamma bayan la'asar. Sun yi gwaji sau uku ta Ilori, Jebba, Mokwa, Bida, Lambata su fito titin Kaduna. Na farko awa 16 da minti 40, na biyu 17 da rabi, na uku 19 saboda tirela ta faɗi bayan Jebba. Alhaji shi so yake a rubuta "Legas zuwa Kano: awa 16 kacal".

Malam_Tukur: Ka hana shi, ko da zai ji haushi. Ko gwajinsu mafi kyau bai yi 16 ba, balle a ce kacal. Kuma gwaji da mota babu kowa daban, mota ɗauke da mutum hamsin da kowa ke son fitsari da alwala daban. Lamba a allo alkawari ce da ake aunawa da agogo, minti 20 ka ƙara an kama ka. Duba abin da gwajin ya nuna: 4:30 na yamma ka ɗora waɗannan awannin, isowa ta faɗo tsakanin 9:10 na safe da 11:30. To kalmar da za ta rufe mafi yawan wannan tazarar ba tare da ƙarya ba ita muke nema. Ni zan ce "La'asar a Agege, hantsi a Kano". Shida ne.

Hafsy_Obalende: Baba Tukur da girmamawa, mene ne hantsi takamaimai? Ina jin kalmar a bakin kakata amma in aka ce in faɗi ƙarfe nawa ne ban sani ba. Mu da aka haifa a nan da yawa haka muke.

Maman_Ummi_Agege: Ikon Allah, 'ya'yan Ikko. Hantsi ai bayan rana ta ɗaga ne, kamar 8 zuwa 10 haka, kafin ta take.

Hafsy_Obalende: To kin gani Anti, sai da aka yi min bayani. A kan titi wa zai yi min? Ni da "karin kumallo a Kano" aka sa da na gane nan take, har ma na ji ƙanshin ƙosai.

Bashir_Berger: La'asar a Agege, karin kumallo a Kano. Ku ƙirga, bakwai cif. Kuɗin shayina na nan dai, tsarina ne.

DanBorno_Mile12: Da azumi fa? Karin kumallon wa?

Sani_Shomolu: Ina son na karin kumallon amma ga matsalar da ni ke gani daga ɓangaren aikina. Allon da aka kama ƙafa 20 ne a faɗi, 10 a tsayi. In na yi haruffa masu tsayin inci 18, kowane harafi da tazararsa yana cin kusan ƙafa ɗaya, in ka cire gefe da gefe layi ɗaya ba zai ɗauki fiye da harafi 18 ba. "La'asar a Agege" 15 ne har da gurabe, ya shiga. "hantsi a Kano" 13, ya shiga har da sarari. "karin kumallo a Kano" 20 ne, dole ko in matse haruffan ko in rage musu tsayi ko in karya shi layi uku, to sai ina zan sa sunan kamfani da hoton mota?

Malam_Tukur: Yawwa, yanzu ka yi magana irin ta mai sana'a. Ƙirga kalma ma ba a kan Hausa aka tsara shi ba. Mu muna da "a" da "da" da "na" da "ta" waɗanda ido ba ya ma tsayawa a kansu, kalma bakwai ta Hausa tana iya fin wata biyar gajarta, wata kuma ta fi ta tsawo nesa. Haruffa za ka ƙirga. Abin da muke bi da shi a da, kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana karantuwa sarai daga ƙafa 10, ana iya hango shi har ninki biyu ko fiye in launin ya fito. Inci 18 ɗinka ke nan ƙafa 180 sarai, wajen mita 55. Ka rage shi zuwa inci 14 don kumallo ya shiga, ka yar da ƙafa 40. Hoton motar kuma ni da za a bi tawa a rage shi sosai, kowa ya san kamannin mota, Alhazai ne kawai ke son ganin motarsu ta cika allo.

Sani_Shomolu: Wallahi kamar ka san shi. Har hotonsa ya so a sa.

Ladi_Ketu: Sannunku. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, kuma ina bin motocin nan in sauka Kaduna. La'asar ba ta dame ni ba, mu ma haka muke cewa da yamma. Abin da zan tambaya, ina za a kafa allon? Domin duk lissafin gudun da Malam ya yi na wanda ke cikin mota ne a babban titi. Wanda ke cikin motarsa a hanyar Ibadan ai ya riga ya sami abin hawa. Mu masu sayen tikiti a ƙasa muke, a Mile 12 da Agege da Ketu, ko cikin danfo a goslo muna kallon allo ɗaya minti goma.

Sani_Shomolu: Biyu ne. Ɗaya kusa da Pen Cinema a Agege, ɗaya bayan Berger wajen Kara.

Ladi_Ketu: To na Agege ai ko kalma goma sha biyu ka sa za a karanta, har lambar waya.

Malam_Tukur: Ladi ta fi ni gaskiya a nan, rabi dai. Na Agege zai ɗauki ƙaramin layi a ƙasa, inda tashar take da lambar waya, saboda mai tafiya a ƙasa zai tsaya ya kwafa. Amma babban rubutun ya zauna gajere, don mai tafiya a kasuwa ma hankalinsa na kan aljihunsa da ɗan acaɓa. Na Kara kuwa kada ka sa lambar waya sam, lamba 11 ba mai riƙe ta a daƙiƙa uku, ɓata wuri ne kawai. Amfaninsa ɗaya, wanda ke zaune cikin wata motar da ta ɓata masa yini a tasha ya ɗaga kai ya gani ya ce wata tafiyar da waɗannan zan bi. Sannan ka sani Kara jihar Ogun ce ba Legas ba, izinin LASAA ba ya aiki a can, hukumar Ogun za a nema.

Kabiru_IdiAraba: A sa QR mana, yanzu shi ake yi.

DanBorno_Mile12: Mai sayar da albasa ya tsaya tsakiyar titin Kara yana saita kyamara? Kabiru so kake a yi takaba a gidansa ne?

Alaramma_Oko_Oba: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abu ɗaya ya rage ban ga an ambata ba. Mutum ya rubuta da manyan haruffa cewa gobe da hantsi yana Kano, babu in sha Allah? Wannan hanya da muka sani? Mutanenmu da yawa za su ga kamar an yi wa Allah shisshigi, wasu ma camfa motar za su yi.

Bashir_Berger: Allah gafarta Malam in sha Allah kalma uku ce fa, shida da uku tara, an fasa bakwai.

Maman_Ummi_Agege: To a fasa ɗin mana. Bakwai ɗin wahayi ce?

Malam_Tukur: Allah gafarta Malam ya kawo magana mai nauyi kuma ba ta addini kaɗai ba ce, ta kasuwa ce ma. Mafita tana da sauƙi, a rubuta shi da harafin Larabci ƙarami a sama ko a gefe. Idon mutanenmu ba ya karanta shi a matsayin kalma uku, siffa ɗaya yake gani ya wuce, kamar yadda ake gani a goshin manyan motoci. Bai ci komai daga daƙiƙoƙin ba.

Alaramma_Oko_Oba: Hakan ya yi, sai dai a kula da inda za a jefar da fleks ɗin in ya tsufa, tunda da sunan Allah a jiki. Ina ganin yadda ake shimfiɗa tsofaffin a kasuwa ana zuba kaya a kai ana takawa. Sannan tunda an zo nan, me zai hana na Agege a yi layin duka da ajami a ƙasa? Dattawan da ke fataucin shanu da goro da yawa ajami ya fi musu sauƙi a kan boko.

Sani_Shomolu: Na rubuta wannan Malam. Amma sai na sami wanda zai duba min ajamin, kada in buga abin da za a yi mana dariya. Ko bokon ma muna fama, rabin samfurin haruffan da ke kwamfutocin Shomolu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka tura aiki ya fito da akwati a wurin harafin. Kwanaki wani yaron shagonmu ya gyara min "karin kumallo" a kalandar wani mai shayi ya sa masa ƙugiya wai na manta, ya koma ƙarin kumallo, sai da muka sake bugawa.

Hafsy_Obalende: Hhhh ƙarin kumallo, Allah ya kiyaye. To wannan ma wani dalili ne na hantsi, na sallama. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki.

Direba_Garba: Ni har yanzu akwai abin da bai kwanta min ba, kuma ba kalmomin ba ne. Tashi 4:30 daga Agege kana fitowa daidai lokacin da ma'aikata ke komawa Mowe da Ibafo. An gyara titin, ya fi da nesa ba kusa ba, amma ranar Juma'a ko ranar da masu ibada ke da babban taro a sansanoninsu na kan hanyar, daga Berger zuwa Sagamu kaɗai sai ya ci maka awa biyu. Gwajinsu uku a wace rana suka yi? Na biyu kuma duk tsakiyar tafiyar cikin dare za a yi ta, Jebba, Mokwa, Bida. Akwai fasinjan da in ya ga la'asar da hantsi abin da zai fara karantawa shi ne kwana a hanya, ya tuna labaran da yake ji. Kuma damina na zuwa, kun ga abin da ambaliyar Mokwa ta yi a watan Mayun 2025, motoci nawa suka maƙale. Ni da ni ne Alhaji azahar zan tashi.

DanBorno_Mile12: Ai duk motar Kano kwana take a hanya Baba, ko ta tashi da safe. Ba sabon abu ba ne.

Direba_Garba: Haka ne, amma ba su rubuta a allo ba.

Ladi_Ketu: Ni kuma na fi son a faɗa min gaskiya in san da wace shiri zan fito. Amma Sani, mu masu sauka Kaduna da Zariya fa? Allon ya ce Kano kawai, zan ɗauka ba a sauke mu.

Malam_Tukur: Kada a cusa su a babban layi Ladi, da an jera gari uku ya koma allon tasha. Su shiga ƙaramin layin na Agege. Maganar Malam Garba kuwa ta fi ƙarfin mai zane, amma Sani ya kamata ka kai ta, don in suka mayar da tashi azahar bayan ka buga, fleks biyu sun tafi a banza. Ka tambaye su sau biyu kafin injin ya fara. Sannan ga gwajin da ba ya cin ko sisi: buga shi a takarda ƙarama, ka je wurin mai shayi a Agege, ka nuna wa mutum daƙiƙa uku ka kife, ka tambaye shi me ya gani, ina motar za ta, sunan kamfanin wa. Mutum goma. Waɗanda ba su san kana aikin ba, ba abokanka ba. In bakwai ba su kawo sunan kamfanin ba to tallar ta yi wa duk motocin Kano aiki ne kyauta.

Kabiru_IdiAraba: To sunan kamfanin yana cikin bakwai ɗin ko ba ya ciki? Don in yana ciki kun riga kun wuce.

Bashir_Berger: Ba ya ciki.

Malam_Tukur: Masu sana'ar ma ba su haɗu a kan wannan ba. Ni ina ƙirga shi, tunda ido sai ya karanta shi. Sunan kalma nawa ne Sani?

Sani_Shomolu: Huɗu ranka ya daɗe. Sunansa da na mahaifinsa da na garinsu da kalmar sufuri.

DanBorno_Mile12: Innalillahi. Allon ya cika tun ba a fara ba.

Maman_Ummi_Agege: Ni fa har yanzu ina kan bakata. La'asar da hantsi ya yi daɗi amma bai ce min ba za a zaunar da ni a tasha ba. Wancan kwandastan ma la'asar ya ce min. A yi ɗaya da na Baba Tukur, ɗayan na Agege a sa "Ko ba ta cika ba, 4:30 mun tashi".

Hafsy_Obalende: Takwas ne Anti, na ƙirga.

Maman_Ummi_Agege: Cire "mun" ɗin ki sa "tashi" kawai, ko ki bar shi, ni ban ga wanda zai tsaya a Pen Cinema yana ƙirgawa da yatsa ba.

Malam_Tukur: Wannan lambar ita ban ƙi ba, domin lokacin tashi a hannunsu yake, ba kamar na isowa ba. Abin da nake tsoro allo biyu da magana biyu ga kamfanin da ba a san shi ba tukuna. Amma ban rantse ba, Hajiya ita ce mai sayen tikitin ba ni ba.

Sani_Shomolu: Na gode ƙwarai jama'a. Zan buga guda biyun a takarda, na hantsi da na Maman Ummi, gobe da safe in je wajen mai shayin bakin tasha in gwada yadda Malam ya ce. Maganar azahar da ta rage sunan kuma sai na ga fuskar Alhaji tukuna, ban san ta inda zan fara ce masa a cire sunan mahaifinsa ba.

Auwal_AlabaRago: To wai buhunan nawa fa, an ce ba sa ɗaukar kaya ko ban gane ba?

Direba_Garba: Auwal kira ni da yamma, akwai tirelar da za ta tashi daga Alaba Rago ranar Asabar.